Aminina ya ciri riba sau uku a gabana, in zuba nawa kuɗin?

Assalamu alaikum Malam. Shekara uku ina tara kuɗi, yanzu sun kai kwatankwacin dala 2,000, niyyata in ƙara jari a sana'ata. Aminina tun na yarinta ya shiga wani kamfanin intanet da suka ce suna cinikin kuɗaɗen waje da kirifto, suna ba da ribar kashi 20 cikin ɗari duk wata. Ya sa dala 1,000 wata uku da suka wuce, kuma sau uku yana cirar dala 200, da idona na ga saƙon banki. Akwai kuma wani mai mabiya sama da dubu ɗari biyar a TikTok da kullum yake tallan kamfanin, yana nuna ribar da yake samu, har takardar rajistarsu ya nuna. Abokina ya turo mini lambar gayyatarsa, ya ce ranar Juma'a za a rufe garaɓasar sababbin shiga. Ban taɓa kama shi da ƙarya ko cin amana ba. Ina tsoron asara, ina kuma tsoron in zauna kowa ya wuce ni. Don Allah a ba ni shawara.

Wa alaikumus salam, ƙanena.

Kada ka tura kuɗin nan ranar Juma'a, kuma kada ka tura su bayan Juma'a. Na fara da wannan don ko ba ka karanta sauran ba, ka tafi da shi. Amma ina so ka karanta har ƙarshe, domin wannan kamfani zai wuce, wani zai zo da sabon suna da sabon mai talla, kuma ranar ba lallai ka samu wanda za ka tambaya ba. Gara ka iya auna abin da kanka.

Na yarda da kai ɗari bisa ɗari cewa amininka ba maƙaryaci ba ne. Matsalar ita ce gaskiyar mutum daban, ingancin hujjarsa daban. Mutum yana iya rantse maka da zuciya ɗaya a kan abin da shi ma yaudararsa aka yi. Ɗauki biro da takarda mu yi masa lissafi. Abin da ya fita daga aljihunsa 1,000 ne. Abin da ya dawo aljihunsa 600 ne. Ke nan a yau, a daidai lokacin da yake gaya maka yana cin riba, hannunsa yana da giɓin 400. Kuɗin da ka ga sun shigo masa ba su ma kai nasa da ya bayar ba. Sai ya ƙara karɓar wata biyu kafin ya dawo inda yake tun farko, sai a wata na shida ne za a fara maganar riba ta gaskiya. Abin da ya rage kuwa lamba ce kawai a fuskar waya, kuma mai manhajar ne yake rubuta lambar, yana iya rubuta duk abin da ya ga dama. Kuma ka tambaye shi a hankali ko ya ƙara wasu kuɗin bayan cirar farko. Mafi yawan waɗanda suka ɗanɗana sukan ƙara, sau da yawa fiye da abin da suka cira, kuma ba sa sa wannan a cikin labarin da suke bayarwa, ba don ɓoyewa ba, sai don a ransu kuɗin suna nan.

Yanzu zo mu dubi kashi 20 ɗin nan da kyau, domin nan ne zancen yake karyewa tun kafin a je ga sunan kamfani. In da gaske akwai cinikin da ke haifar da haka duk wata, kuma aka bar ribar tana komawa kan uwar kuɗi, dala 1,000 za ta zama kusan 8,900 a shekara ɗaya. A shekara biyu ta kusa 80,000. A shekara biyar ta haura miliyan 56. A shekara goma ta wuce dala tiriliyan 3, wato abin da ya fi ƙarfin tattalin arzikin mafi yawan ƙasashen duniya, duk daga dala dubu ɗaya. Kana iya gwadawa da kalkuletar wayarka: ka rubuta 1000, ka riƙa ninkawa da 1.2, kowane ninki wata ɗaya ne. Ka kwatanta da Warren Buffett, wanda duniya take ɗauka a matsayin ɗaya daga cikin gwanayen zuba jari na wannan zamani. Abin da ya sa sunansa ya yi tambari shi ne kamfaninsa ya yi shekaru da yawa yana haɓaka da kusan kashi 20 cikin ɗari a shekara. A shekara fa, ba a wata ba. To wanda ya mallaki dabarar da ta ninka ta Buffett haka, me zai yi da dala dubu biyunka? Me ya sa zai biya masu talla su nemo ka, har ya yi maka garaɓasa? Da bankunan duniya sun yi layi a ƙofarsa suna roƙonsa ya karɓi rance a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Akwai kuma wani abu da ya fi girman ribar nuna ƙarya, shi ne rashin motsinta. Ciniki na gaskiya yau riba, gobe faɗuwa, jibi a tashi babu ko ɗaya. Kai mai sana'a ne, ka san babu wata biyu da suka taɓa zuwa maka daidai wa daida. Farashin kuɗaɗen waje da na kirifto kuwa ya fi kowane tsalle-tsalle. Wanda ya ce yana ciniki a irin wannan kasuwa amma ribarsa ba ta gaba ba ta baya, kullum 20 cif, ya gaya maka da bakinsa cewa ba daga kasuwar take fitowa ba.

To daga ina take fitowa? Ka ɗauka mutum ɗari ne suka sa dubu-dubu. An tara 100,000. An ba waɗanda suka kawo su kamasho, a ce kashi 10, saura 90,000. Duk wata ana bukatar 20,000 don a biya su abin da ake kira riba. In ba wanda ya ƙara shiga, tukunyar za ta ƙare kafin wata na biyar ya cika, ko da mai kamfanin bai taɓa ko sisi ba, alhali kuwa don ya taɓa ɗin ya kafa ta. Saboda haka dole sababbi su riƙa shigowa, kuma dole yawansu ya riƙa ƙaruwa, don kowane sabo shi ma bashi ne da za a fara biya wata mai zuwa. Wannan shi ne asalin garaɓasar Juma'a da lambar gayyata. Ba kyauta ake yi maka ba, tukunya ce take neman ƙari. Kuma ka lura, biyan na farko-farko ba alama ce ta gaskiyar kamfani ba, shi ne ma jarin damfarar. Dala 600 da aka mayar wa amininka daga cikin kuɗinsa ta kusa jawo musu 2,000 daga wurinka. Wane talla ne ya kai wannan araha?

Dabarar ba sabuwa ba ce. A 1920, a birnin Boston na Amurka, Charles Ponzi ya yi alkawarin ribar kashi 50 cikin ɗari a kwana 45, yana cewa yana cinikin wasu takardun gidan waya na ƙasa da ƙasa. Ya biya na farko daidai kan lokaci, su kuma suka fita suna ba 'yan uwa da maƙwabta labari, mutane suka yi ta layi da kuɗinsu. A watan Agusta na shekarar komai ya rushe. Sunansa ne har yau ake kiran irin wannan damfara da shi. Abin da ya sauya cikin shekara ɗari shi ne labarin da ake lulluɓe ta da shi: jiya takardun gidan waya, yau kirifto, gobe wani abin da mutane suka ji sunansa amma ba su san cikinsa ba.

Mu koma kan mai TikTok. Tambayar da za ka yi game da shi ba ita ce ko yana da mabiya da yawa ba, ko yana da fara'a, ko yana hawa babbar mota. Tambayar ita ce: in na bi maganarsa, wa zai biya shi, kuma in na yi asara me zai rasa? Hanyoyin samunsu sanannu ne. Wani ana biyansa kuɗin talla a dunƙule. Wani yana da lambar gayyata ko adireshin shiga a ƙarƙashin bidiyonsa, duk wanda ya bi ta nan ya zuba kuɗi, ana yanka masa kasonsa nan take. Wani kuma, musamman a harkar ƙananan kuɗaɗen kirifto da hannayen jarin da ba a cika cinikinsu ba, yakan riga kowa saye da araha, sannan ya fito ya ce abin zai tashi. Mabiyansa su ruga su saya, farashin ya tashi da gaske na ɗan lokaci, shi kuma ya sayar musu da nasa ya fice, farashin ya faɗo a kansu. A dukkan hanyoyin nan uku, shi ya riga ya samu nasa ranar da ka shiga. Abin da zai same ka daga baya ba ya rage masa komai.

Ba zargi nake yi a iska ba. A watan Oktoba na 2022, hukumar kula da hada-hadar hannayen jari ta Amurka, SEC, ta sa Kim Kardashian biyan dala miliyan 1.26 saboda ta tallata wani kuɗin kirifto mai suna EthereumMax a Instagram ba tare da ta bayyana cewa dala 250,000 aka biya ta ba. Miliyoyin da suka ga saƙon ba su san farashinsa ba. Kafin nan akwai BitConnect, wanda ya yi ta bunƙasa ta hannun masu bidiyo a YouTube da suke nuna fuskar asusunsu kullum, lambobi suna ta hawa, suna karɓar kamasho a kan duk wanda suka jawo. A watan Janairu na 2018 kamfanin ya rufe shirin, darajar kuɗinsa ta zube da fiye da kashi 90 cikin ɗari cikin ɗan lokaci, kuma daga baya SEC ta maka wasu daga cikin masu tallan a kotu. Waɗanda suka bi su ba su ga ƙarya a fuskarsu ba, kamar yadda kai ma ba ka gani a fuskar naka ba.

Hoton riba da yake nunawa kuwa, kada ka ba shi nauyin komai. Kusan kowane dillalin cinikin kuɗaɗen waje yana da asusun gwaji, wanda ake ciniki a cikinsa da kuɗin wasa don koyo, kuma in an yanke gefen hoton da wuya ka bambanta shi da na gaske. Mutum yana iya buɗe ciniki biyu masu karo da juna, ɗaya a kan farashi zai hau, ɗaya a kan zai sauka, ya nuna maka wanda ya ci, ya ɓoye ɗayan. Kuma kamfani yana iya rubuta wa mai tallansa kowace lamba a asusunsa. Har ma inda dillalin na gaskiya ne mai lasisi, ka san wannan: a 2018 hukumar kula da kasuwannin jari ta Tarayyar Turai, ESMA, ta bayyana cewa tsakanin kashi 74 zuwa 89 cikin ɗari na asusun ƙananan masu irin wannan ciniki na hasashen farashi asara suke yi. Shi ya sa aka tilasta wa dillalai a can su rubuta kason masu asara a jikin tallansu. Wannan fa a kasuwa ta gaskiya ke nan. Mai bidiyo ba zai karanto maka wannan layin ba.

In kana son ka auna duk wani mai ba da shawara a soshiyal midiya, akwai hanya mai sauƙi da ba ta cin ko kwabo, sai haƙuri. Sami littafi. Duk ranar da ya ce a sayi abu, ka rubuta kwanan wata, sunan abin, da farashinsa a wannan sa'ar da ka ji, ba farashin da ya ce shi ya saya ba. Ka rubuta duka, kada ka tsallake ko ɗaya. Bayan wata uku ko shida ka koma ka duba kowanne, ka haɗa jimilla kamar ka sa kuɗi daidai wa daida a kowane. Dalilin rubutawa shi ne, da yawansu suna goge hasashen da ya faɗi su bar wanda ya ci, sai wanda ya zo daga baya ya ga kamar mutumin bai taɓa kuskure ba. Akwai ma tsohuwar dabara da ake yi a rukunonin Telegram da WhatsApp: a aika wa mutum 800 saƙo, rabi a ce musu abu zai hau, rabi a ce zai sauka. Waɗanda nasu ya yi daidai su 400 ne, sai a sake raba su biyu. Bayan zagaye huɗu akwai mutum 50 da suka ga hasashe huɗu a jere duk sun tabbata, kuma a shirye suke su biya kuɗin shiga rukunin manya. Babu ilimin komai a ciki, rabo ne kawai na lissafi. Littafinka ba zai kama wannan ba in kana cikin hamsin ɗin, shi ya sa nake cewa wata uku ko shida, ba mako biyu ba, kuma ka lura da ko yana faɗin hasashensa a fili ne gaban kowa ko a ɓoye ga mutum ɗai-ɗai.

Sai batun takarda. Nan mutane da yawa masu hankali suke zamewa. Rajistar kamfani daban, lasisin karɓar kuɗin jama'a don zuba jari daban. Rajista tana nuna cewa an buɗe kamfani da wannan suna ne kawai, kuma a ƙasashe da yawa ana yin ta ta intanet cikin 'yan kwanaki da kuɗi kaɗan, ba tare da kowa ya binciki abin da za a yi da shi ba. Lasisi kuwa daga hukumar da ke kula da kasuwar jari ko babban bankin ƙasa yake fitowa, kuma irin waɗannan hukumomi sukan ajiye jerin sunayen waɗanda suka ba izini a shafinsu, da yawa kuma suna da jerin waɗanda suka yi gargaɗi a kansu. Ka shiga shafin hukumar ƙasar da kake zaune da hannunka, ba ta adireshin da mai talla ya ba ka ba. Ka nemi cikakken sunan kamfanin. In ka same shi, kada ka tsaya nan: duba ko izinin da aka ba shi ya haɗa da irin aikin da yake cewa yana yi, sannan ka kwatanta adireshin shafinsa da lambar wayarsa da waɗanda ke rubuce a wurin hukumar, harafi da harafi, domin 'yan damfara sukan ari sunan kamfani na gaskiya su canza harafi ɗaya a adireshi. In kuma suka ce lasisinsu na wani tsibiri ne mai nisa, tambayi kanka wa za ka kai wa ƙara ranar da abin ya ɓaci, kuma da wane kuɗin jirgi.

Ka kuma tambayi amininka abu ɗaya takamaimai: lokacin da ya biya, sunan wa ya fito a matsayin mai karɓa? In sunan wani mutum ne, ko asusun yana canzawa lokaci zuwa lokaci, ko adireshin jakar kirifto aka ba shi, to babu kamfanin zuba jari na gaskiya da ke karɓar kuɗin jama'a haka. Kuɗin da aka tura ta kirifto kuma ba a juya su, in sun tafi sun tafi.

Zan gaya maka iyakar wannan bincike don kada in ruɗe ka. Rashin lasisi ya isa ya sa ka juya baya, amma samun lasisi ba ya nufin an lamunce maka riba, ba ya ma tabbatar da cewa babu cuta. Bernard Madoff ya taɓa shugabantar kasuwar hannayen jari ta Nasdaq, yana da rajista da hukuma, kuma ribar da yake nunawa ba ta da yawa, kusan kashi ɗaya cikin ɗari a wata. Da aka kama shi a watan Disamba na 2008, takardun abokan hulɗarsa suna nuna kusan dala biliyan 65 da mafi yawansu babu su. Wani masanin lissafin kuɗi, Harry Markopolos, ya yi shekaru yana gaya wa hukuma cewa ribar da ba ta taɓa faɗuwa haka ba za ta yiwu ba, ba a ɗauki mataki ba. Kuma da yawan waɗanda Madoff ya cuta ta hannun dangi da aminai suka shiga, mutanen kirki da suka yi zaton alheri suke yi wa nasu. Saboda haka tambayar inda riba take fitowa tana gaba da takarda, ko da takardar ta gaskiya ce.

Na san abin da zuciyarka za ta ce maka yanzu: bari in gwada da kaɗan, in sa ɗari biyu in gani. Ni ma ta taɓa gaya mini haka, shekarun baya, kuma na bi ta. Wani da nake ganin girmansa ne ya kawo mini wani shiri irin wannan. Na sa kaɗan, aka biya ni ranar da aka ce, har da saƙon godiya. Na sake sawa, aka sake biya. A karo na uku na kwashi abin da nake ajiye wa karatun yarana na zuba. Wata safiya na buɗe manhajar na danna wurin cira, sai ga rubutu cewa ana gyaran na'ura, a dawo bayan awa 72. Na zauna a bakin gado da wayar a hannuna ina dannawa ina sake dannawa, lambar kuɗina tana nan a sama, kore shar, ba ta ragu da komai ba. Bayan kwana uku aka ce sai kowa ya biya wani kaso don tantance asusu kafin a sake masa kuɗinsa. Wasu sun biya. Bayan mako biyu shafin ma ya daina buɗewa. Abin da na koya shi ne gwaji da kaɗan ba ya gwada komai, domin ƙaramin kuɗi shi ne ainihin abin da suke farin cikin biya. Ba kai kake gwada su ba, su ne suke kiwon ka. Abin da ya fi ciwo a lamarin ba kuɗin ba ne, shi ne ni ma na jawo mutum biyu, kuma ɗayansu har yau gaisuwarmu ba ta koma yadda take ba. Zomo ba ya fushi da makashinsa, sai da maratayinsa.

Wannan ya kawo ni kan amininka, wanda a gaskiya ya fi ka shiga haɗari a yau, domin kuɗinka suna hannunka, nasa suna hannunsu. Lambar gayyatar da ya turo maka tana nufin akwai abin da zai samu in ka shiga, wataƙila kamar dala 200 a kan 2,000 ɗinka in kamashon kashi 10 ne. Ban ce don wannan yake kiranka ba. Amma mutumin da ya sa kuɗinsa a wuri yana bukatar ya ga wasu sun bi shi don hankalinsa ya kwanta cewa bai yi wauta ba, kuma kamasho yana ƙara wa wannan bukata ƙarfi ba tare da shi kansa ya lura ba. Saboda haka kada ka je masa da kalmar damfara a gaban mutane, zai kare kamfanin kamar yana kare mutuncinsa. Ka same shi ku biyu. Game da kanka, gajeriyar magana ta isa: kuɗin nan na sana'ata ne, na yanke ba zan sa su a abin da ban gane inda ribarsa take fitowa ba. Ba sai ka ci shi da gardama ba.

Game da shi kuma, roƙo ɗaya za ka yi masa: ya nemi cirar uwar kuɗinsa gaba ɗaya, dubun nan cif, yau, ba ribar wata ba. Ka ce masa in kamfanin na gaskiya ne babu abin da ya rasa, yana iya mayarwa mako mai zuwa. Wannan ne gwajin da yake da ma'ana, kuma amsar da za a ba shi za ta gaya muku abu da yawa. In aka ce uwar kuɗi a kulle take sai bayan wata shida ko shekara, ko za a yanke masa kaso mai tsoka, ko aka bugo masa waya ana lallashinsa da ƙarin riba in ya bari, ko aka ce sai ya kawo mutum biyu, to kun ga inda aka dosa. In kuma aka ce sai ya fara biyan haraji ko kuɗin tantancewa kafin a sake masa, kada ya ƙara ko sisi. Mai riƙe da kuɗinka na gaskiya yana cire cajinsa ne daga cikin abin da ke hannunsa, ba ya cewa ka aiko da wasu. In ma Allah Ya sa aka biya shi duka, ya karɓa ya gode, kada ya mayar. Hakan yana nufin tukunyar ba ta ƙafe ba tukuna, ba ya nufin lissafin da muka yi a sama ya canza.

Tun yanzu kuma ya fara adana shaida: rasiɗin duk abin da ya tura, sunaye da lambobin asusun da suka karɓa, hotunan fuskar manhajar, saƙonnin rukuninsu, da bidiyon mai tallan, domin ranar da abin ya rushe waɗannan ne farkon abin da ake gogewa. In aka hana shi kuɗinsa, ya sanar da bankinsa a ranar, ya kai rahoto ga hukumar kasuwar jari da masu binciken laifukan kuɗi. Ya kuma dakatar da tura lambar gayyatarsa ga kowa, domin a ƙasashe da yawa mai jawo mutane cikin irin wannan shiri shi ma yana iya fuskantar tuhuma, ko da shi ma an cuce shi. Sannan ka gargaɗe shi da abin da ke biyo baya: bayan rushewa, wasu za su tuntuɓe shi su ce su lauyoyi ne ko ƙwararrun kwamfuta masu ƙwato kuɗin da aka sace, ya biya su wani abu tukuna. Sau da yawa jerin sunayen waɗanda aka cuta ne yake yawo daga hannu zuwa hannu.

Tsoron da kake ji na kada a wuce ka, na san shi, kuma zai ƙaru kafin ya ragu. Mai yiwuwa ne wata mai zuwa amininka ya sake cirar 200 ya nuna maka, wata na gaba ma haka, ka ji kamar na cuce ka da wannan amsa. Ba wanda zai iya faɗa maka ranar da irin wannan tukunya take fashewa, wata tana yin wata huɗu, wata shekara biyu. Duk ranar da ya nuna maka sabon saƙon banki, ka tambaye shi jimillar abin da ya sa da jimillar abin da ya fito, ku rubuta lambobin biyu gefe da gefe. Kuɗinka kuma ka kai su inda ka yi niyya tun farko. A sana'arka ka san wanda kake saye a wurinsa, ka san wanda kake sayar wa, ka san abin da ke saura a tsakani, kuma in wata ya zo da faɗuwa za ka iya nuna dalilin da yatsa. Ka rage wani abu a gefe don larura kafin ka zuba sauran a kaya.

Ka je wurin amininka kafin Juma'ar, domin ina kyautata zaton shi ma ana matsa masa ya ƙara kuɗi kafin ranar. Allah Ya sa albarka a sana'arka, Ya kuma fitar masa da nasa lafiya.